Gandun Ya Cika

Baba Ƙofa ne ya turo gawar a cikin baro da hantsi, ya lulluɓe ta da tsohon buhu saboda ƙudaje. Ya tsaya a bakin ɗakin aikin Likita yana goge takalminsa a dakali, duk da cewa ƙasan ɗakin siminti ne da ake wankewa da tiyo.

"Likita, ga wata kuma. A gindin kwamin ruwa na gabas na same ta. Ungulaye ba su riga ni ba yau."

"Sannu, Baba. Kama mini ƙafafun baya."

Suka ɗora ta a kan teburin ƙarfe. Barewa ce mace, ba ta fi shekara uku ba, amma nauyinta bai kai na ƙaramin akuya ba. Likita ta sa safar hannu, ta duba wuya da ƙafafu ko akwai sawun tarko. Ba ko ƙwarzane. Da ta buɗe cikin ta tarar da abin da ta saba gani tun da ta kama aiki a gandun wata huɗu da suka wuce: tumbi cike da busassun kara da ɓawon itace, hanji dam da tsutsa, ƙoda tsirara babu ko ɗigon kitse. Mahaifar ma babu alamar ta taɓa ɗaukar ciki.

"Me ya kashe ta?" in ji Baba.

"Yunwa ta kwantar da ita, tsutsa ta ƙarasa."

Ya girgiza kai. "Yunwa a cikin daji."

Sunan Baba Ƙofa ya samo asali ne daga gidansa, ɗaki biyu da tsakar gida a jikin babbar ƙofar gandun. A nan yake zaune da matarsa, wadda kowa ke kira Inna, tun ranar da aka kewaye wurin da waya shekara goma da suka wuce. Shi ne shugaban masu gadi. A gabansa aka sauke bareyi ashirin na farko daga babbar mota, irin waɗanda suka kusa ƙarewa a ƙasar, kuma har yanzu yakan ba da labarin yadda ɗaya ta harbi Darakta a gwiwa, a cewarsa don ta san shi ne babba.

Darakta shi ya kafa gandun. Ya yi shekaru yana hawa benayen ofisoshi kafin a ba shi filin, sannan ya samo wata ƙungiya ta ɗauki nauyin aikin bisa alkawari ɗaya: cikin shekara goma za a samu bareyi ɗari shida, a riƙa kwasa ana sakewa a wasu dazuzzuka. Ba daga sama ya ɗauko adadin ba. Duk bayan shekara biyu ake ƙidaya, ma'aikata su jeru su kora garken ta gaban hasumiya ana ɗaukar hoto. Ƙidayar farko ashirin sun zama arba'in da ɗaya, ta biyu saba'in da bakwai. Ya ce to ninki suke yi duk shekara biyu, ya ci gaba da ninkawa a takarda, ya sa mai fenti ya zana layin a bangon ofishinsa, yana hawa kamar zai huda silin.

Bareyin ba su bi bangon ba. Inda ya kamata a samu ɗari da sittin, ɗari da talatin aka samu, aka ce kuskuren ƙidaya ne. Inda ya kamata a samu ɗari uku da ashirin, ɗari da tamanin da takwas aka samu, aka ce karnukan ƙauye ne, aka ƙara waya a ƙasan shinge. Ƙidayar bana ta fito da ɗari biyu da talatin da shida. Tun ranar ake ta ƙus-ƙus a ɗakin shan shayi cewa ana fitar da nama ta ƙofa, kuma kowa ya san wa ke riƙe da makullin ƙofa.

Likita ta wanke hannu, ta cire rigar aiki, ta nufi ofishin Darakta. Ta same shi ya miƙe ƙafar da ke masa ciwo a kan kujera, fanka na kaɗa takardun teburinsa.

"Ranka ya daɗe, minti kaɗan nake roƙo."

"Zauna, Likita. In dai ba kuɗin magani ba ne."

"Maganar Baba ce. Na ji an ce kwamiti zai zauna a kansa."

Ya sauke ƙafar a hankali. "Bareyi ɗari huɗu sun ɓata. Dole wani ya amsa tambaya."

"Ba su ɓata ba, ranka ya daɗe. Yawancinsu ba a ma haife su ba. Sauran kuma sun mutu suna 'yan kwanaki, dila da ungulu sun share wurin kafin mu gani."

Ta ɗauki alkalamin allo daga teburinsa, ta tsaya a gaban ƙaramin farin allon da ke gefen zanen. Ta ce ya bar jimilla tukuna, ya dubi abin da kowace barewa goma ke ƙarawa tsakanin ƙidaya da ƙidaya. Da farko goma suna ƙara goma. Sai suka koma tara, sai bakwai, sai tsakanin huɗu da biyar. Yanzu ko uku ba su kai ba.

"Lokacin da suke ashirin, filin nan kamar ba shi da iyaka a wurinsu. Kowace mace ƙosasshiya ce, tana haihuwa da wuri, ɗanta yana rayuwa. Shi ya sa suka yi ninki, kuma lissafinka na lokacin daidai ne. Amma ciyawar ba ta ninkawa. Duk wadda ta ƙaru tana rage rabon sauran. Mata su rame, su yi jinkirin ɗaukar ciki, nono ya ƙafe, tsutsa ta yawaita don suna kiwo a kan kashin juna. Haihuwa tana sauka, mutuwa tana hawa. Inda suka haɗu, nan garke zai tsaya."

Ta ja layi a allon. Ya taso a hankali, ya miƙe sama sosai a tsakiya, sannan ya karkata ya kwanta, kamar harafin S da aka ja shi ta gefe biyu.

"A ina zai tsaya?"

"Wajen ɗari uku. Shekarar da damina ta yi kyau su ɗan haura, shekarar fari su faɗo. Ƙidaya mai zuwa ba na jin za mu wuce ɗari biyu da saba'in."

Darakta ya daɗe yana kallon allon. "Ɓarawon da kowace shekara yake ƙara ƙarfin hali ma zai iya ba ki wannan layin."

"Zai iya. Amma da ɓarawo ne yake rage su, da waɗanda suka rage sun samu ciyawa har su bar saura. Da ƙiba za mu gani. Zo ka ga wadda ke kan teburina. Ko mu fita bakin shinge ka dubi ciki ka dubi waje."

Bai tashi ba. Ya ce ya san yadda bakin shinge yake, kullum ta nan yake wucewa. A waje ciyawa har gwiwa, a ciki kamar an yi aski, ƙananan itatuwa duk an cinye ganyensu daidai inda bakin barewa ke kaiwa.

"To ka sani ke nan," in ji ta.

"Likita, ni ma na yi makaranta. Na san layin nan naki tun kafin a yaye ki. Na dai ɗauka filinmu zai ɗauki dubu, haka mai binciken da ya auna mana ya ce, kuma a shekarar ruwa ya zo." Ya shafa gwiwarsa. "Yanzu ki gaya mini. In na je na ce wa masu tallafi gandun ya cika a ɗari uku, ba zai taɓa kai ɗari shida ba, me za su yi? Su naɗe tabarmarsu. Mutum goma sha biyu ke cin abinci a nan, har da ke. Bareyin kuma wa zai ba su ruwa da rani? In kuwa matsalar tsaro ce, wannan abu ne da suka san yadda ake gyarawa."

"Akwai hanya. Garke ya fi ƙaruwa idan yana rabin abin da fili zai ɗauka. Ka duba, mafi yawan ƙarin da muka taɓa samu, kusan sittin, lokacin da suke kusa da ɗari da hamsin ne. Mu rage su zuwa nan, duk shekara biyu mu kwashe hamsin ko sittin mu kai wani wuri. Za a daɗe, amma ɗari shidan za su fito, kuma ba za su riƙa mutuwa a gindin kwami ba."

"Mu kai su ina?"

"Dajin da aka ce za a sake su."

"An yanka shi filaye bara. Har an fara gini. Ɗayan dajin kuma ba shinge, ba mai gadi ko ɗaya, sati guda ba za su yi ba."

"A faɗaɗa namu."

"Gonakin mutane ne ta kowane gefe. Ki je ki tambaye su."

Ta mayar da murfin alkalamin. Ya ce zai ba ta dama ta yi magana a gaban kwamiti, wannan dai yana hannunsa.

Da la'asar ta biya ta gidan ƙofa. Inna na tsakar gida tana ninke wanki, ta tura mata kujera da ƙafa.

"'Yar nan, zauna. Ki yi wa tsohon nan magana. Ya daina cin abinci, rana tsaka sai ya ɗauki sanda ya kama zagayen waya kamar wanda ya yar da allura."

Baba na zaune a bakin ɗaki yana gyara tocila. Likita ta durƙusa kusa da shi, ta yi masa bayanin da ta yi wa Darakta, ba allo, ba lissafi mai yawa. Ta ce masa filin ne ya cika, ko sojoji aka jera a jikin wayar haka adadin zai kasance.

Ya saurare ta har ta gama. "Allah ya yi miki albarka, Likita. Amma ni na san na tsufa. Da can ko zomo ya taɓa wayar nan ina ji. Yanzu sai in zauna a kujera, in farka in ga rana ta fito. Wa ya sani ko a lokacin ake shiga?"

"Baba, ba wanda yake shiga."

"Ban ɗauki ko ƙaho ba, wannan Allah ya sani. Amma amana aka ba ni, ga shi ba su cika ba."

Inna ta yarfa zane da ƙarfi. "Kin ji ko? Mutum ana wanke shi yana komawa cikin taɓo."

Likita ta sha ruwan da aka ba ta, ta tashi.

A gida ta gaya wa mijinta cewa in aka kori tsohon za ta ajiye aikin. Yana tsaye yana guge rigar makarantar 'yarsu. Ya ce ba zai hana ta ba, amma ta gaya masa wa ajiyewar za ta amfana, tsohon ko bareyin. Ta ce ba ta tambaye shi ba. Ya ce gaskiya ne, ya ci gaba da guga.

Kwamitin ya zauna a ɗakin taro na gandun, mai dogon tebur da kujerun roba. Mutum biyar ne, sai wakiliyar masu tallafi, mace mai fara'a da ta zo da kwamfutarta. Likita ta kawo hotunan ƙodar bareyi da na bakin shinge. Ta zana layinta. Sun saurara fiye da yadda ta zata.

Shugaban kwamitin, tsohon ma'aikacin banki, ya ce, "In ciyawa ce matsalar, ai sai a sayo ciyawa."

"Za a iya, ranka ya daɗe. Iyakar za ta ɗaga muddin ana kawowa. Ranar da mota ta daina zuwa, duk waɗanda suka ƙaru a kan abincin za su mutu, kuma kafin su mutu za su cinye filin har saiwa, ya koma ɗaukar ƙasa da abin da yake ɗauka yanzu. Cunkoso a wurin ci kuma yana ƙara cuta. Sannan barewar da ta saba da kwano da wuya ta rayu in an sake ta."

Wakiliyar ta ɗago kai. "Likita, na fahimce ki. Amma za ki iya tabbatar mana cewa ba a taɓa satar ko ɗaya ba?"

Wata huɗu kawai Likita ta yi a wurin. "Ko ɗaya, ba zan iya rantsewa ba. Abin da nake cewa shi ne ba sata ce ta hana su kai ɗari shida ba."

"To ke nan abu biyu ne mai yiwuwa," in ji shugaban. "Ɗaya muna iya yin wani abu a kai, ɗaya kuma sai nazari."

Ta dubi Darakta. Yana kallon hannuwansa.

Ba a ce Baba ɓarawo ne ba. An ce ya yi hidima mai tsawo, lokacin hutunsa ya yi. Za a ba kamfanin tsaro aikin gadi, a kafa kyamarori, gidan ƙofa ya zama ɗakin sa ido. Maganar Likita kuma aka ce tana da muhimmanci, za a nemo ƙwararre ya duba idan an samu hali. Aka rufe taro da addu'a, aka shigo da lemo.

Ranar tashinsu, surukin Baba ya zo da ƙaramar motar ɗaukar kaya. Gado, katifa biyu, kwanukan Inna, buhun tufafi, rediyo. Inna ta tsaya tana kallon bishiyar lemun tsamin da ta shuka a tsakar gida, ta tsinke 'ya'yan da suka nuna da waɗanda ba su nuna ba, ta zuba a roba. Darakta ya zo yana ɗingishi, ya riƙe hannun Baba da hannu biyu. Baba ne ya ce masa, "Ba komai, yallaɓai. A yafe mini inda na gaza." Ya miƙa masa makullai.

Likita ba ta ajiye aikin ba. Ta nemi a ba ta izinin raba kwamin ruwa zuwa wurare da yawa don rage cunkoso, aka ba ta. Ta riƙa zuba maganin tsutsa a dutsen gishirin da suke lasa. Ya ɗan taimaka. Ta rubuta wa gandaye uku a wasu yankuna ko za su karɓi bareyi hamsin; ɗaya ya ce ba shi da wuri, biyu ba su amsa ba. Da rani ya tsananta takan ga uwa tsaye, ɗanta na tura kai a ƙarƙashinta yana neman abin da babu, uwar ta matsa gaba ta ci gaba da kiwon ƙasa. Sau biyu ta ɗauko irin waɗannan 'ya'yan ta shayar da su da kwalba a ɗakin aikinta. Ɗaya ya rayu. Ta san in ta mayar da shi fili, rabon wani zai ci, amma ta mayar da shi.

Sababbin masu gadin samari ne masu kaki da takalma masu sheƙi. Suna da ladabi. Kyamarorin sun ɗauki dila, mujiya, da wani manomi da ya tsaya fitsari a jikin waya. Ba su ɗauki ɓarawo ba.

Bayan shekara biyu aka sake ƙidaya, aka samu ɗari biyu da sittin da biyar. Kwamiti ya rubuta wa kamfanin tsaron yana neman bayani, ya kuma fara maganar sayo karnuka. Ƙwararren bai zo ba tukuna. Darakta ya sa an shafe zanen bangon ofishinsa da farin fenti, ya ce danshi ne ya ɓata shi.

A ƙarshen makon Likita ta hau mota zuwa cikin gari. 'Yar Baba da mijinta suna hawa na uku a wani dogon gini, ɗaki biyu da falo, da yara huɗu. An ba tsofaffin ɗakin yaran, yaran suna kwana a falo. Ta sami Baba a 'yar barandar da ake shanya, zaune a kan kujerar roba tsakanin bokiti da tukunyar gas, yana kallon titi. Ya rame, ya kuma yi fari, irin na wanda ya daina shiga rana.

Bayan gaisuwa ya ce, "An yi ƙidaya?"

"An yi, Baba. Ɗari biyu da sittin da biyar."

Ya motsa yatsunsa yana lissafi. "Da kyamarorin?"

"Da kyamarorin, da samari takwas."

"Talatin ma ba su ƙara ba."

"Ba su ƙara ba."

Ya juya ya dubi titi. Wata motar haya ta tsaya a ƙasa, mutane suka yi ta turereniyar shiga.

"To ba ni ba ne," in ji shi.

"Na gaya maka tun a lokacin."

"Kin gaya mini. Amma ke mai tausayi ce, na ɗauka lallashi ne."

Inna ta fito daga kicin da kofin shayi a faranti. Ta ji komai. Ta ajiye farantin a kan bokitin da aka kife, ta tsaya riƙe da ƙugu.

"To tunda gaskiya ta fito, yaushe za su ba mu gidanmu?"

Likita ta ɗauki kofin. Yana da zafi, ta riƙe shi ta baki. A ɗakin da Inna ke kwana a da yanzu akwai talabijin shida na kyamarorin a jikin bango, an kuma sare bishiyar tsakar gida don ta tare wa kyamara hanya. Ba ta faɗi wannan ba.

"Zan yi wa Darakta magana, Inna."

"Shi ma ai magana ya ce zai yi," in ji Inna, ta koma kicin.

Likita ta zauna har ta shanye shayin. Ƙaramar jikar ta zo ta nuna mata haƙorinta da ke girgiɗi, ta duba mata, ta ce ya kusa. Da ta tashi tafiya Baba ya raka ta har bakin matakala, ya ce ba zai sauka ba, hawowar ce ke ba shi wuya.